Yadda ake ɗiban samfurin shara ta hanyar tara tsibi a raba huɗu

Tambaya: Salam Malam. Ina aji huɗu ne a jami'a, furojet ɗina a kan gano abubuwan da ke cikin sharar garinmu ne, malamin da ke duba ni ya ce in yi amfani da hanyar nan ta tara shara tsibi a raba huɗu. To ni dai na karanta amma ban gane yadda ake yi a fili ba, kilo nawa zan ɗiba, kuma sau nawa zan raba? Ko in cika buhu biyu kawai a bola in tantance ya isa?

Wa'alaikumussalam ɗalibi. Buhu biyu daga bakin bola kam a'a, kar ma ka fara, domin abin da za ka samu ra'ayin hannunka ne kawai. Hannun mutum da kansa yake kauce wa abin da ya jiƙe ko yake wari, ya nufi leda da kwali da ke sama a bushe, kuma ko ka rantse ba ka zaɓa ba wallahi ka zaɓa. Dalilin wannan hanyar ke nan gaba ɗaya, a rage shara mai yawa ta koma daidai wadda mutane za su iya tsincewa da hannu, ba tare da wani ya sa son ransa a kan me zai shiga me zai fita ba.

Maganar kilo tukuna. Ƙa'idar da aka fi jingina da ita a wannan aikin ita ce ASTM D5231 ta Amurka, ita ta ce samfurin da za a tantance ya kasance tsakanin kilo 91 zuwa 136, kuma a fara da tulin da ya kai wajen ninki huɗu na hakan, wato kilo 450 ko kusa da haka, a cakuɗa, a tara, a raba huɗu, a ɗauki kashi ɗaya da ƙuri'a. Wannan kilo 91 ɗin ba haka kawai aka yanko shi ba, tun 1970 wasu masu bincike biyu, Klee da Carruth, suka gwada samfura masu nauyi daban daban suka ga na wajen kilo 90 yana ba da amsa kusan ɗaya da wanda ya ninka shi sau da yawa. To ƙasa da haka kuma sai abu ɗaya mai nauyi ya riƙa juya maka lissafi yadda ya ga dama. Saboda haka ka riƙe kilo 100 a ranka, shi ne inda za ka tsaya da rabo. Na sha ganin furojet da aka yi ta rabawa har aka dawo kilo 10 don a huta da tsinta, a kilo 10 tsohon takalmi ƙafa ɗaya mai rabin kilo ya zama kashi 5 cikin ɗari na sharar gari, kai ma ka san wannan ba magana ba ce.

Kafin a zo kan tsibin ma, daga ina sharar za ta fito? In kana son sanin abin da gidaje ke zubarwa ne, to ka kama ta a motar da ta kwaso ta ranar, ko wajen masu kwasa a baro da kura kafin su juye. Sharar da ta kwana biyu a juji ta riga ta canza, 'yan jari bola sun tsince ƙarfe da gwangwani da robobi masu kauri, awaki sun cinye ɓawo da ganye, rana ta busar da sauran, wani lokacin ma an cinna mata wuta. In kuma abin da kake son aunawa shi ne abin da ke isa babban juji bayan duk an tsince, to shi ma aiki ne mai kyau, amma ka rubuta haka ƙarara, kar ka kira shi sharar gidaje. Motar da za a tsayar kuma ba direban da kuka saba ba, ka sa ƙa'ida tun da safe, misali duk mota ta biyar da ta shigo, kuma ka tambayi direba unguwar da ya kwaso ka rubuta.

Idan tifa ta juye, kar ka ɗebi na sama ko na baki kawai. A hanya mota tana girgiza, ƙasa da toka suna sauka gindi, leda da kwali suna hawa sama. Abin da ake yi shi ne a yanki gefe ɗaya na lodin tun daga farkonsa har ƙarshensa, daga sama har ƙasa, ana lodawa a baro ko bokiti ana aunawa a sikeli har a tara kilo 400 da wani abu. Ka auna fa, kar ka ƙiyasta da ido, sharar da ƙasa ta yi mata yawa baro ɗaya sai ya ninka nauyin baron da leda ta cika.

Wajen aikin ya zama daɓen siminti da aka share tas, ko babban tamfol mai kauri a shimfiɗe a wuri mai baje. A kan tsurar ƙasa ba a yi, domin ko dai shebur ya kankaro ƙasar wurin ya ƙara maka, ko ƙasar sharar ta ɓace a cikinta ba ka san iyakarta ba. A samu inuwa da inda iska ba ta kaɗawa sosai, musamman da hunturu. Kayan aiki ba su da yawa, shebur biyu ko uku, manjagara, dogon filanki, tsintsiya, sikeli babba da ƙarami, rariya mai ido milimita 10, robobi ko buhunan zuba kowane kashi. Sai safar hannu mai kauri, takunkumi da rambut ga kowa, wannan ba kwalliya ba ce, sharar unguwa ba ta rasa sirinji da reza da fasasshiyar kwalba daga kemis da masu aski, kuma wanda bai yi allurar tetanos ba ya je ya yi kafin ranar. Mutum huɗu ko biyar sun isa.

Abu na farko bayan an tara, a farke duk wata leda da buhun da aka ɗaure a zazzage. Ƙullin leda ɗaya zai iya zama famfas ɗin yara zalla, in aka bar shi a ɗaure duk zai tafi kashi ɗaya. Na biyu a fitar da manyan abubuwa, guntun bulo, taya, katifa, kututture, a auna su daban a rubuta. Ga dalili. A ce akwai guntun bulo mai kilo 15 a tulin kilo 400, gaskiyar rabonsa bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. In ka bar shi a ciki, ko dai ya faɗo cikin samfurinka na kilo 100 ya zama kashi 15, ko ya tafi da wanda aka zubar ya zama sifili, duka biyun kuma ƙarya ne. Don haka shi ana lissafa shi ne a kan tulin gaba ɗaya.

Sai cakuɗa. Nan ne mutane ke ha'inci don akwai gajiya. Ba wai a tsaya ana ɗan motsa saman tulin da manjagara ba, a'a, a kwashe tulin gaba ɗaya shebur bayan shebur a mayar da shi wani wuri kusa, ana ɗiba daga gindi ana zagayawa, kuma kowane shebur a juye shi daidai a kan ƙoƙuwar sabon tsibin ya gangaro ta kowane gefe. In ya ƙare a sake mayar da shi, a yi haka sau uku. A karo na ƙarshe a share duk ƙasar da ta rage a zuba a ƙoƙuwa ita ma.

To a nan ne ya kamata ka fahimci abin da tsibin yake yi, domin da yawa suna zaton tarawar ita ce ke sa shara ta zama bai ɗaya. Ba haka ba ne, tsibi ma rarrabe shara yake yi. Ka dubi yashin da tifa ta juye a wurin gini, tsakuwa da manyan duwatsu suna gangarowa gindi ta gefe, lallausan yana tsayawa a tsakiya. Shara ma haka, gwangwani, kwalba, ƙwallon mangwaro da robar lemo suna mirginawa baki, toka da ƙasa suna nutsewa tsakiya da ƙasa, leda tana maƙalewa a jiki. Amfanin zubawa a ƙoƙuwa shi ne wannan rarrabewar ta zama iri ɗaya ta kowace fuska, gabas kamar yamma, kudu kamar arewa. Shi ya sa yankan dole ya bi ta tsakiya cif, don kowane kashi ya samu rabonsa na tsakiya da rabonsa na baki. In masu shebur duka suna tsaye a gefe ɗaya suna watsawa, ko wurin yana da gangare, ko iska tana kaɗawa daga fuska ɗaya, to tsibin ya karkace kuma rabon ya lalace tun kafin a yanka. Za ka gane haka da ido, ka zagaya tsibin, in ka ga gwangwani da kwalabe sun taru a gefe guda ɗayan gefen babu, a sake.

Idan tsibi ya yi, sai a danne ƙoƙuwar da bayan shebur a baje shi ya zama faifai mai kauri ɗaya, kamar santimita 30 haka, ana dannawa daga tsakiya zuwa waje ba tare da an ja gefe ɗaya fiye da wani ba. A ɗora filanki ta tsakiya a yanka biyu, a gicciya a sake yankawa, ya zama kashi huɗu. A buɗe layin sosai har sai an ga daɓe ko tamfol a ƙasa. Tsumma ko doguwar leda da ta ratsa layi ba a janta zuwa gefe ɗaya, a sa wuƙa ko almakashi a yanke ta a kan layin.

Yanzu wanne za a ɗauka? Hanya biyu ce. Ta ASTM ɗin, kashi ɗaya ake ɗauka da ƙuri'a a wuce wajen tsinta. Ɗaya hanyar, wadda ni na fi so ga irin shararmu mai ƙasa da yawa, a ɗauki kashi biyu masu kallon juna ta kusurwa, a kwashe sauran biyun a fitar da su daga wurin gaba ɗaya, a haɗa biyun da aka riƙe a sake cakuɗawa, a sake tsibi, a sake raba huɗu, a sake ɗaukar biyu masu kallon juna. Daga 400 ka dawo 200, daga 200 ka dawo 100, rabo sau biyu ke nan. Aikin ya fi yawa amma in tsibin ya ɗan karkata gefe ɗaya, kusurwa biyun suna rage wa juna kuskuren. Kowacce ka bi, zaɓin na ƙuri'a ne, ka sa wa kason lamba 1 zuwa 4 ka jefa kwabo, kuma a jefa bayan an yanka, ba kafin ba. In ka bar wa ma'aikata zaɓi, kashin da babu famfas da ruɓaɓɓen tumatir za su nuna maka, ba don mugunta ba, kowa ma haka zai yi.

Abin da na fi so ka riƙe a duk bayanin nan shi ne tsintsiya. Kashin da aka zubar a share ƙasarsa tas a zubar tare da shi, kashin da aka riƙe a share ƙasarsa tas a haɗa da shi. A ƙasashen da aka rubuta waɗannan ƙa'idojin sharar galibi takarda ce da kwali da ragowar abinci, ƙura kaɗan ce, amma a garuruwanmu inda ake sharar tsakar gida ta ƙasa kullum safiya kuma ana girki da itace da gawayi, ƙasa da toka sukan zama cikin mafi nauyin abin da ke cikin shara, shi ya sa ma manoman kewayen Kano suke sayen sharar birni su kai gona a matsayin taki. To abin da ya fi nauyi shi ne kuma ya fi saurin zubewa ta ƙarƙashin manjagara.

Bari in yi maka misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai, kar ka kwafe su cikin furojet. A ce ka tara kilo 416, rabon farko ka riƙe 210, rabo na biyu ka riƙe 104. Tun a nan akwai abin dubawa, in rabon farko ya ba ka 260 maimakon kusan 208, to yankan bai bi tsakiya ba ko tsibin ya karkace, a haɗa a sake. Sai a baza kilo 104 ɗin a kan tebur ko tamfol a tsince da hannu, kowane iri da robarsa wadda aka riga aka auna nauyinta babu komai a ciki, abin da ya rage ƙanana a tankaɗe a rariya. A ce ka samu ƙasa da toka da suka wuce rariya kilo 41.5, ragowar abinci da ganye 27, leda har da ta fiya wata 11.5, kwali da takarda 6, tsumma 4.5, famfas 4, roba mai kauri 3, kwalba 1.5, ƙarfe da gwangwani 1, tarkacen da bai shiga ko'ina ba 2. In ka haɗa 102 ne. Ka fara da 104, kilo 2 sun ɓace, wato ƙasa da kashi 2 cikin ɗari, wannan ba komai, ruwa ne ya bushe da ƙurar da iska ta ɗauka. Amma in ka ga kilo 8 ko 10 sun ɓace to akwai matsala, ko an manta da wata roba ba a auna ba, ko an daɗe ana tsinta a rana, ko wani ya zura gwangwanaye a buhunsa, wannan na ƙarshen yana faruwa sosai in ka ɗauki 'yan jari bola aiki, duk da su ne suka fi kowa iya tsinta da sauri. Ka yi musu alƙawarin duk ƙarfen nasu ne bayan an auna, sai a zauna lafiya.

Lissafin kaso kuma nauyin kowane iri ne a raba da jimillar abin da aka tsince a ninka da 100. Ƙasa da toka 41.5 a kan 102 ya ba ka kashi 40.7, abinci da ganye 26.5, leda 11.3. Yanzu dubi abin da zai faru in an yi sakaci da tsintsiya aka bar kilo 15 na ƙasar a daɓe. Jimilla ta koma 87, ƙasa ta faɗo kashi 30.5, abinci ya hau 31, leda ta hau 13.2. Ka ga ba ƙasar kaɗai ta canza ba, kowane layi a teburinka ya motsa, har abinci ya zama shi ne na ɗaya alhali ba shi ba ne, kuma wanda zai karanta ya ce a gina wurin haɗa taki daga ruɓaɓɓen abinci a kan wannan lambar zai dogara.

Leda kuma tana da nata rikicin. Ledar da aka tsinto daga shara ba leda zalla ba ce, ta sha miya da ruwa, ƙasa ta manne mata. In a misalin nan ka ɗebi kilo 2 daga ledar ka wanke ka shanya ta bushe ta dawo kilo 1.2, to ledar gaskiya kilo 6.9 ce, ba 11.5 ba, wajen kashi 6.8 ke nan. Ga wanda ke tunanin kafa injin narka leda wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Ka kawo lambobin biyu, ka ce wannan yadda aka tsinto ne, wannan bayan wanki. Haka danshi, ka ɗebi kaɗan daga abinci da takarda da ƙasa ka ƙulle a leda mai kauri nan take, a kai lab a busar a obin a digiri 105 har nauyi ya daina sauka. Kuma duk aikin samfur ɗaya, daga juyewa har aunawa, a gama shi a ranar.

Saura abin da ba ka tambaya ba amma malaminka zai tambaya, samfur nawa? Duk wannan wahalar da na bayyana samfur ɗaya ne fa, kuma labarin mota ɗaya kawai ya ba ka. Raba huɗu ba ya gyara kuskuren zaɓen mota, in motarka daga kasuwar kayan gwari ta fito to ko sau goma ka cakuɗa tumatir da albasa za ka samu. Ƙa'idar ta ba da lissafin adadin samfura kamar haka:

```
n = (t* × s / (e × x̄))²
```

A nan x̄ shi ne matsakaicin kason abin da ka fi damuwa da shi, s shi ne yadda samfura ke bambanta da juna, e kuskuren da ka yarda da shi, t* kuma daga teburin lissafi ake ɗauko shi, ana farawa da 1.645 in tabbacin kashi 90 ake so. A ce ka yi gwaji da 'yan samfura ka ga ƙasa tana matsakaicin 40, s ya kai 10, ka yarda da kuskuren 0.1, wato kashi 10 cikin ɗari na matsakaicin, lissafin zai ba ka 17, in ka koma tebur ka ɗauko t* na wannan adadin ka sake zai kai 19 zuwa 20. Amma gwada da ƙarfe, matsakaici 1, s kuma 0.8, sai ka ga sama da samfur 170 kake buƙata. Wato abin da ya yi yawa a shara da samfura kaɗan ake gane shi, abin da ya yi ƙaranci kuma yake zuwa jefi jefi kamar ƙarfe, batir ko kayan asibiti, wannan hanyar ba ta kama shi da kyau. In ka samu ƙarfe kashi 1 daga samfur 20, ka rubuta shi amma kar ka gina wata babbar magana a kansa.

Ga ɗalibi mai kuɗin aljihu ni shawarata ka nemi samfur 15 zuwa 20, ka raba su a kan kwana 5 zuwa 7 a jere don ranar kasuwa da Juma'a da ƙarshen mako su shiga, ka kuma raba su a kan unguwanni, cikin gari daban, unguwar masu hali daban, kasuwa daban, kowanne da nasa matsakaicin kafin ka haɗa gwargwadon yawan sharar da kowane yanki ke fitarwa. Kuma ka rubuta watan da ka yi aikin a saman kowane tebur. Sharar lokacin mangwaro ba ɗaya take da ta lokacin rake ba, ta satin Babbar Sallah kuma ka kauce mata gaba ɗaya sai dai in ita kake nazari. Da damina shara takan dunƙule ta ƙi gangarowa daga ƙoƙuwa, sai an riƙa wargaza ta da manjagara kafin kowane shebur, rariya ma tana toshewa, dole a auna ƙasar a jiƙe, a ɗebi wani sashe a shanya sannan a tankaɗe a gyara lissafin da shi. In furojet ɗin zai ba ka dama ka yi sati ɗaya da rani, sati ɗaya da damina, to ka yi, ka kawo teburan biyu daban daban kar ka narkar da su wuri ɗaya. Allah ya ba da sa'a.